Yatsa Shida a Hoton Talla

A ce mai sayar da zoɓo a gora tana da wani kyakkyawan hoton ƙanwarta da aka ɗauka ranar biki. Yarinya ta sha ƙunshi, atamfa ta zauna mata, hasken la'asar ya faɗo ta gefen hagu. Abu ɗaya ya hana hoton zama na talla: babu gorar zoɓo a hannunta. Sai a buɗe ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, a zagaye tafin hannun, a rubuta cewa a sa gora. Kafin ƙiftawar ido gora ta bayyana, har da raɓar sanyi a jikinta. A fuskar waya komai ya yi daidai. Sai an zuƙo hoton ake ganin ɓarnar: yarinya ta zama cindo, sunan da ke jikin sitika ya koma wasu baƙaƙe da ba boko ba ba ajami ba, fatar hannun kuma ta yi wani sumul da bai dace da ta damtse ba.

Duka ukun suna gyaruwa, amma kowanne da musabbabinsa, kuma jerin aikin yana da muhimmanci. Hannu ake fara yi, sannan rubutu, fata da inuwa su zo a ƙarshe. Wanda ya fara da sitika zai sake ta idan ya koma ya taɓa yatsu, domin yatsun a kan sitikar suke kwance.

Tun kafin a taɓa komai, a ajiye asalin hoton a gefe, kada a yi aiki a kansa. Kusan duk gyaran da zan bayyana daga cikinsa ake ɗebo kayan yinsa.

Mu fara da tambayar inda yatsa na shida ya fito. An saba cewa na'ura ba ta iya ƙirga ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Waɗannan manhajoji sun koyi zane ne daga kallon ɗimbin hotuna, kuma a yawancin hotunan hannu ƙarami ne, wani sashensa a ɓoye cikin aljihu ko bayan kofi, yanayinsa kuma ba ya ƙirguwa. Ƙashi 27 ne a hannun mutum, yatsu huɗu kowanne da gaɓa uku, babban yatsa da biyu, kuma kowace gaɓa tana lanƙwasa yadda ta ga dama. Abin da na'urar ta riƙe sosai shi ne cewa kusa da yatsa akan sami wani yatsa. Inda jerin zai tsaya ne ba ta riƙe da kyau ba.

Amma a aikin ɗora kaya a hannu akwai wani dalili da ya fi wannan sauƙin ganewa, kuma a ganina shi ya fi yawan jawo cindo. Mai gyara yakan zagaye tafin hannu kawai, wato inda yake son gorar ta zauna, ya bar ƙarshen yatsun gaskiya a wajen zagayen. Manhaja ba ta da izinin taɓa abin da ke waje. A ciki kuwa an ce mata ta zana gora a riƙe, ita kuma a saninta gorar da ke riƙe tana zuwa da yatsu huɗu naɗe a jikinta. Sai ta zana nata huɗun. Na gaskiya biyu da suka leƙo a waje suna nan daram. Huɗu da biyu, shida, ba a ma sa babban yatsa ba. A nan umarninmu na'urar ta bi sau da ƙafa.

Maganin shi ne a zagaye hannun gaba ɗaya tun daga wuyan hannu, a haɗa da duk filin da gorar za ta ci sama da ƙasa. Idan akwai awarwaro ko agogo, a tsayar da zagayen daidai bakinsa, a bar shi a waje. Yana ba na'urar alamar inda hannu ya faro da girman da ya kamata ya yi, kuma yana ɓoye mahaɗar tsohon hoto da sabon zane.

Dalili na biyu girma ne, kuma yana son ɗan lissafi. Hoton waya na yau da kullum yakan kai ɗigo 3000 a faɗi, 4000 a tsawo. A hoton da aka ɗauka daga kai zuwa ƙugu, kaurin yatsa ɗaya zai kai kamar ɗigo 60. To, manhajojin ba sa aiki a wannan girma. Stable Diffusion, wadda ta fito a 2022, an horar da ita ne a kan hotuna masu ɗigo 512 kowane gefe, ƙanwarta SDXL ta 2023 kuma 1024. Idan aka ba ta hoton nan dungurungum, za a rage shi zuwa kamar 768 a faɗi da 1024 a tsawo, yatsan nan mai 60 ya koma 15. Bai tsaya nan ba. Dangin Stable Diffusion ba a kan ɗigon hoto kai tsaye suke zane ba, sai sun dunƙule shi sau takwas ta kowane gefe, su yi zanen a dunƙule, sannan su warware. Yatsa mai ɗigo 15 bai cika gida biyu ba ke nan a wurin da ainihin zanen yake gudana. A cikin gida biyun nan ake son farce da gaɓa da ratar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. Ba mamaki yatsu biyu su narke su zama ɗaya, ko ɗaya ya tsage biyu.

Yanzu a yanko murabba'i mai ɗigo 600 kowane gefe, wanda ya ƙunshi hannun da gorar da ɗan damtse, a ba manhajar shi kaɗai. Za a buɗa shi zuwa 1024, yatsan ya kai ɗigo ɗari da ɗoriya, wato kusan gida 13 maimakon biyu. Manhaja ɗaya, umarni ɗaya, amma sakamakon ba ya misaltuwa. Masu amfani da AUTOMATIC1111 a kwamfuta ba sa buƙatar yankan da kansu: a ƙarƙashin Inpaint area sai su zaɓi Only masked maimakon Whole picture, manhajar ta yanka, ta buɗa, ta zana, ta mayar. Akwai wani ma'auni kusa da shi, Only masked padding, wanda yakan zo a 32. Shi ne yawan kewayen da ake nuna wa na'urar. A aikin hannu 32 ya yi kaɗan. Gara a ɗaga shi ya wuce 100 don ta ga damtse, ta san daga wane ɓangare hannun ya taho. Wanda ke aiki a waya kuwa sai ya yanka da hannunsa, ya gyara, ya dawo da guntun ya ɗora kan asalin hoton.

To idan an riga an sami zane mai kyau, gora ta zauna, haske ya yi daidai, yatsa ɗaya ne kawai ya yi yawa fa? Nan mutane suke ɓata lokaci, suna ta danna a sake, a sake, kowane sabon zane ya gyara wani abu ya ɓata wani. Rubuta "yatsu biyar" a cikin umarni ma ba kasafai yake tsinana komai ba. Abin da ya fi aiki shi ne mutum ya yi gyaran da kansa, ko da a gurguje ne, sannan ya bar wa na'ura gogewa kawai.

Da farko a tantance wane yatsa ne bare. Ba lallai ne na ƙarshe ba. A bi kowane yatsa da ido a koma baya zuwa ƙullin gaɓarsa a bayan hannu. Wanda ba shi da tushe, ko wanda ya tsiro daga jikin wani, shi ne zai tafi. Hanya mafi sauri ita ce mutum ya ɗauki gora ta gaske, ya riƙe ta yadda ke cikin hoton, wani ya ɗauke shi daga kusurwa ɗaya, a jera hotunan biyu. Nan take za a lura da abin da ba a cika tunawa ba: a riƙon gora, ko dai a ga yatsu huɗu a gaba babban yatsa ya ɓuya, ko a ga babban yatsa a gaba kawunan sauran suna leƙowa ta ɗaya gefen. Ba a ganin biyar ɗin a shimfiɗe gefe guda. A duba kuma ko babban yatsan yana ɓangaren da ya dace, domin na'ura takan liƙa hannun hagu a damtsen dama. Ballantana a wurinmu, tallan abin sha da ya yi kama da ana miƙa shi da hagu, ba sai an zuƙo hoto za a yi magana ba.

Da an gano baren, sai a shafe shi da Clone Stamp, kayan aikin da ke ɗebo launi daga wani wuri ya zuba a wani. Photoshop da Photopea, wadda ake buɗewa kyauta a burauza, duk suna da shi. A ɗebo jikin gora daga sama ko ƙasan yatsan a rufe shi. Idan wani yatsa ya gutsure, a ɗauki launin fata daga maƙwabcinsa a zana shi da buroshi. Zai yi muni, ba komai. Sai a shafa wurin kawai a mayar wa na'ura, amma a rage mata 'yanci. A AUTOMATIC1111 ma'aunin 'yancin nan sunansa Denoising strength, daga 0 zuwa 1, kuma yakan zo a 0.75. A can sama na'urar tana watsi da abin da ta tarar ta ƙirƙiro nata, shi ya sa cindo yake dawowa. Tsakanin 0.35 da 0.5 takan mutunta siffar da aka zana mata, ta ƙara farce da tamoji da inuwa. Idan alamar buroshi ba ta ɓace ba, a ɗaga kaɗan. Idan yatsu suka fara motsi daga inda aka ajiye su, an wuce gona da iri, a sauko. A tabbata kuma Masked content yana kan original, in ba haka ba zanen da aka wahala a kai shi za a fara sharewa.

Generative Fill na Photoshop, wanda ya fito a 2023, ba shi da wannan ma'auni a fili, amma yana ba da zaɓi uku a kowane dannawa. Dabarar a nan ita ce a zagaye baren yatsan shi kaɗai, a bar wurin umarni babu rubutu, manhajar ta cike gurbin da abin da ke kewaye.

Akwai wani tarko ga masu amfani da manhajojin da ake tura wa hoto a rubuta musu abin da ake so kawai, ba tare da zagaye ba. Da yawansu ba hannun kaɗai suke taɓawa ba, hoton duka suke sake zanawa. Sai ka ga hanci ya ɗan sirance, zanen atamfa ya sauya, ɗan kunne ya koma wani iri. Mai hoton za ta ce wannan ba ita ba ce, alhali ba ta iya nuna inda aka taɓa. Ana kama wannan cikin sauƙi. A ɗora sabon hoton a kan asalin a matsayin Layer, wato shimfiɗa ta biyu, a daidaita su, a sauya yanayin haɗinsu zuwa Difference. Duk inda ba a taɓa ba zai yi baƙi ƙirin, inda aka taɓa zai yi haske. Daga nan a mayar da shi Normal, a sa Layer Mask, a ɓoye komai na sabon hoton sai hannu da gora. Fuska da tufafi su kasance na asali. A waya, Snapseed tana iya wannan ɗorawa da Double Exposure, sannan a shiga View edits a shafa iya wurin da ake so ya fito.

Batun rubutu ba ya buƙatar doguwar muhawara: kada a bar na'ura ta rubuta sitika. Zanen baƙaƙe take yi, ba rubutu ba. Sababbin manhajoji sun ƙware a manyan kalmomin Turanci guda biyu ko uku, amma ƙananan rubutu na jikin gora har yanzu suna narkewa, saboda lissafin girman nan da muka yi. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa sun fi shan wahala, domin ba su da yawa a abin da aka koya mata. Zoɓo ya koma "zobo" da sauƙi, ko ƙugiyar ta koma wani ƙahon da ba a san shi ba. Abin da ya fi muni shi ne lambobi. Lambar waya da aka sauya mata alƙalami ɗaya ta tura masu saye wurin wani, kuma na'ura na iya ƙaga wani abu mai kama da lambar rajistar NAFDAC a gindin sitika don ta saba ganin irinsa. Wannan ya wuce munin hoto, ya zama iƙirarin ƙarya a talla.

Don haka a nemi gora mai farar sitika wadda babu komai a kai, ko a shafe gurɓataccen rubutun. Sai a kawo sitikar gaske, ko dai fayil ɗin wanda ya tsara ta, ko a shimfiɗa ta a tebur a ɗauke ta daga sama sak. Idan sabon rubutu za a yi, a zaɓi salon baƙaƙe mai ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ; Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su.

Wurin da ake gane ɗan koyo shi ne naɗa sitikar. Gora mai kaurin santimita 6 kewayenta ya kusa 19. Ido rabi kawai yake gani, wato santimita tara da rabi na takarda, kuma dole su matsu cikin faɗin santimita 6. Matsin ba daidai yake ba: baƙaƙen tsakiya suna nan da faɗinsu, na gefe suna tsukewa har su kusa zama layi. Saboda haka sitikar da ta zagaye gora ba za ta fito duka ba, sai an yanke gefe da gefe. Da Warp, a ƙarƙashin Edit sannan Transform, ake tsuke gefunan. Sannan a dubi murfin gorar da gindinta. Idan kyamara ta ɗan fi gorar tsawo, layukan da suka zagaye ta za su lanƙwasa ƙasa a tsakiya, kuma saman sitika da ƙasanta dole su bi wannan lanƙwasar. Bayan haka a sa yanayin haɗi a Multiply. Farin sitikar zai ɓace, inuwar da ke jikin farar sitikar na'ura ta ratso ta cikin rubutun, sai ya zauna a jikin gora maimakon ya yi iyo a kanta. A ƙarshe a ɓoye duk inda sitika ta hau kan yatsa, a kuma ɗan dushe ta da Gaussian Blur, rabin ɗigo zuwa ɗaya, har kaifinta ya yi daidai da na yatsun da ke kusa. Idan waya ce a hannun maimakon gora, aikin ya fi sauƙi: hoton fuskar waya na gaske, a ja kusurwoyinsa huɗu da Distort su hau kusurwoyin wayar.

Saura fata. Ko da yatsu sun cika biyar kuma rubutu ya karantu, sau da yawa ido yana jin wani abu bai yi ba. Abin da ke faruwa daidai yake da facin sabuwar shadda a jikin tsohuwar riga: launi ɗaya ne, amma ana gani daga nesa. Kowane hoton kyamara yana da wani tsaki-tsaki a jikinsa, musamman wanda aka ɗauka a ɗaki ko da yamma. Dunƙulewa da warwarewar da na'ura ke yi tana goge shi, sai sabon wurin ya fito da santsi. Wani lokacin kuma dishi-dishi ne yake yi. Lokacin da Generative Fill ya fara fitowa, ɗigo 1024 kawai yake zanawa ta kowane gefe, don haka idan aka zagaye wuri mai faɗin 2000 sai a ja zanen ya cike shi, kaifi ya ragu da rabi. Wannan ma wani dalili ne na yin aiki guntu-guntu.

Mayar da tsakin ba wuya. A buɗe sabuwar shimfiɗa, a cika ta da 50% Gray, a sa ta a Overlay, sannan Filter, Noise, Add Noise, a zaɓi Gaussian da Monochromatic. A fara da kashi biyu ko uku cikin ɗari. A taƙaita shimfiɗar ga wurin da aka gyara kawai, a zuƙo hoton zuwa 100%, a kwatanta bayan hannu da damtse, a ƙara ko a rage har iyakar ta ɓace. Idan tsakin ya fi na asali kaifi, a ɗan dushe shi.

Akwai abubuwan da tsaki ba ya gyarawa, kuma su ne namu na gida. A baƙar fata, tafin hannu da cikin yatsu sun fi bayan hannu haske, akwai kuma layin da launukan biyu suke haɗuwa a gefen yatsa. Na'ura takan shafe wannan bambanci ta yi hannun launi ɗaya, ko ta haskaka shi duka ya saɓa da fuska. Da Curves a kan wurin kaɗai ake daidaita shi, ana auna shi da ɗaya hannun. Ƙunshi kuwa shi ne ya fi ba ta wahala. Zanen fulawa da ya taho tiryan-tiryan daga damtse sai ya tsinke a wuyan hannu, ya koma wasu tabo-tabo masu kama da ƙuna, jan lallen kan yatsu kuma ya koma jan farce. Ban ga amfanin roƙon na'ura ta gyara wannan ba. A ɗebo zanen daga asalin hoton, a lanƙwasa shi da Warp ya bi sabon yatsa, a sa shi a Multiply. Haka ma bakin hannun riga: idan furen atamfa ya narke kusa da gora, daga asali ake kwafo shi.

Sai inuwa, wadda rashinta ke sa gora ta yi kamar an manna ta. Duk inda yatsa ya taɓa roba akwai siririn duhu a ƙarƙashinsa. Ana zana shi da buroshi mai laushi, launin ƙasa mai duhu, ƙarfinsa kamar kashi goma, a bi a hankali. A hotonmu haske ta hagu ya zo, don haka sheƙin gora ya zama a hagu, inuwarta ta faɗi dama a kan riga. Zoɓo ya yi mana rangwame da yake duhu ne. Da ruwan sha ne, sai an ga alamar tafin hannu ta cikin gorar a karkace, kuma wannan yana da wuyar ƙagawa har ga ƙwararru.

Idan an gama, a juya hoton hagu zuwa dama na ɗan lokaci a sake kallonsa. Ido ya saba da shi, juyawar ce ke sa karkataccen yatsa ya yi tsalle ya fito. A kuma tuna inda hoton zai je. WhatsApp yana matse hoto ya rage girmansa, ƙananan aibobi su ɓuya. Bana mai tsawon mita biyu a ƙofar shago ba ta ɓoye komai.

Wani hoton kuwa ba ya karɓar gora ko an kwana ana gyara. Idan hannun a sake yake a gefen cinya, damtse da kafaɗa duk sun nuna ba a ɗauke da komai, kuma ba a gyara wannan daga wuyan hannu. Idan ƙanwar tana kusa, a ba ta gora ta riƙe a sake ɗauka, ko da wadda babu sitika ce, ko da babu zoɓon a ciki. Yatsu da inuwa da ƙunshi duk sun zama na gaske, aikin da ya rage wa na'ura shi ne ta cika gorar da jan ruwa, mai gyara kuma ya naɗa sitika.